Haruffan fiksel a gem: me ya sa suke lalacewa idan an buɗe allo, kuma yaya ake gyarawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina haɗa wani ƙaramin gem mai kama da na zamanin da a Godot 4, girman allonsa 320 da 180, kuma na sa Press Start 2P a lamba 12 domin rubutun. A cikin ƙaramar taga yana da ɗan dama-dama, amma da zarar na cika allon laftof ɗina mai 1366 da 768 sai rubutun ya yi dishi-dishi, wasu haruffan kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri. Shin zubin haruffan ne ba shi da kyau, in nemi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka canza zubin haruffan tukuna, domin ko ka sauko da guda goma ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, abin da ka gani shi za ka sake gani. Laifin yana cikin lissafi, kuma daga lambobin da ka kawo ana iya nuna wurare biyu da lissafin ya karye, akwai kuma na uku da ya kamata ka bincika da kanka.

Sai mu fara da asalin irin waɗannan haruffa, domin a nan ƙa'idar take. Na'urar Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda aka sayar a wasu ƙasashe da sunan NES, tana da allo mai ɗigo 256 a faɗi da 240 a tsawo, kuma duk abin da take nunawa an gina shi ne da ƙananan gidaje masu ɗigo takwas a kwance da takwas a tsaye. Harafi ma gida ɗaya ne daga cikin waɗannan gidaje. Mai zane yakan zauna ya yanke shawara a kan kowane ɗigo, wannan a kunna shi, wancan a bar shi a kashe, kuma yawanci ɗigo bakwai da bakwai yake amfani da su, ya bar layi ɗaya a gefe da ɗaya a ƙasa domin kada haruffa su manne da juna. A irin wannan zane babu rabin ɗigo. Harafin zamani da ake zana shi da layuka masu lanƙwasa yana iya girma zuwa kowace lamba ba tare da ya sauya kama ba, amma harafin fiksel hoto ne da aka ƙidaya ɗigoginsa, saboda haka hanya ɗaya kaɗai yake da ita ta girma lafiya: kowane ɗigo na zane ya zama ɗigo biyu da biyu, ko uku da uku, ko huɗu da huɗu a kan allo. Duk ninkin da ya zo da ɓurɓushi, kamar ɗaya da rabi, dole ne kwamfuta ta yi ɗaya daga cikin abu biyu, ko dai ta gauraya launin harafin da na bayansa a gefuna, wanda shi ne dishi-dishin da kake gani, ko kuma ta ba wani ɗigo kaso mafi girma fiye da maƙwabcinsa, wanda shi ne ƙafar da ta fi 'yar'uwarta kauri. Alamomi biyun da ka lura da su, ke nan, cuta ɗaya ce da ta fito ta fuska biyu.

Wuri na farko da lissafinka ya karye shi ne lamba 12. Press Start 2P fayil ne na `.ttf`, wato a ciki an zana kowane ɗigo a matsayin ƙaramin murabba'i da layuka, shi ya sa Godot yake yarda ka ba shi kowace lamba ba tare da ya yi maka gardama ba. Amma an tsara shi ne a kan gida mai ɗigo takwas, bisa salon haruffan injinan wasa na kamfanin Namco na shekarun 1980, don haka girmansa na gaskiya 8 ne, sai 16, sai 24, sai 32. Da ka sa 12, ka umarci injin ya shimfiɗa kowane ɗigo a kan fiksel ɗaya da rabi. Ka ɗauki babban harafin E ka duba shi da kyau. Sandarsa ta tsaye tana da kaurin ɗigo biyu, waɗanda za su zama fiksel uku, wannan ya fita da sauƙi. Sandunansa uku na kwance kuwa kowace ɗigo ɗaya ce, kuma babu yadda za a yi a kunna fiksel ɗaya da rabi, sai wata ta fito da kaurin ɗaya, wata da biyu, ko kuma a shafa musu toka-toka a gefe. Wannan lalacewar ta riga ta faru tun a cikin ƙaramin allonka na 320 da 180, kafin a buɗe komai. Ƙanƙantar taga ce ta rufa mata asiri, cika allon kuma ya tona.

Na san dalilin da ya kai ka ga 12, domin kusan kowa ta nan yake bi: 8 ya yi maka ƙanƙanta a ido, 16 kuma ya cinye wuri. Ka yi lissafin da kanka. A faɗin 320, lamba 8 tana ba ka haruffa 40 a layi, daidai da abin da Commodore 64 yake bayarwa a allonsa mai faɗin 320, lamba 16 kuma haruffa 20 kacal, waɗanda ba za su ɗauki jimlar Hausa ɗaya mai ma'ana ba. Shawarata ita ce ka bar zance da bayanai a 8, ka ajiye 16 domin take da manyan sanarwa. Kada ka yi wa 8 hukunci a cikin ƙaramar taga, saboda idan an ninka allon sau huɗu harafin zai kai fiksel 32, wanda ya fi rubutun da kake karantawa kullum a laftof girma nesa ba kusa ba. Idan kuwa lallai wani abu kake so a tsakani, to mafita ita ce ka nemi wani zubi da aka zana shi tun asali a kan gida mai ɗigo 10 ko 12, ka yi amfani da shi a girmansa. Masu zana irin waɗannan haruffa kusan kullum suna rubuta girman a bayanin da ke tare da fayil ɗin. Ka kula kuma da ma'auni, domin wasu manhajoji da `pt` suke ƙidaya ba da `px` ba, kuma a ma'aunin da Windows ya saba da shi `12pt` daidai yake da `16px`, `6pt` kuma shi ne `8px`.

Bayan ka gyara lambar, ka danna fayil ɗin haruffan a Godot ka buɗe saitunansa na `Import`. Ka mai da `Antialiasing` zuwa `None`, `Hinting` zuwa `None`, `Subpixel Positioning` zuwa `Disabled`, ka tabbatar `Multichannel Signed Distance Field` a kashe yake, sannan ka danna `Reimport`. Dukkan waɗannan dabaru ne da aka ƙirƙira domin taimakon haruffa masu lanƙwasa: na farko yana sassauta gefuna da launi mai gauraye, na biyu yana ɗan tura layukan harafi domin su hau kan fiksel, na uku yana barin harafi ya fara daga tsakiyar fiksel. Harafin da aka riga aka zana ɗigo-ɗigo ba ya buƙatar ko ɗaya, taimakon nasu ɓarna yake zama a gare shi.

Wuri na biyu shi ne inda ya fi cancanta mu daɗe, wato tafiya daga 320 da 180 zuwa 1366 da 768. Zaɓinka na 320 da 180 zaɓi ne mai kyau ƙwarai, domin ninki huɗu yana ba da 1280 da 720, ninki shida 1920 da 1080, ninki takwas 2560 da 1440, ninki goma sha biyu kuma 3840 da 2160, duka cif-cif babu saura. Sai aka yi rashin sa'a allon laftof ɗinka ba ya cikin wannan dangi. Raba 768 da 180, za ka sami 4 da ɓurɓushin kusan 0.27. Ma'anar wannan ita ce kowane ɗigo 15 na gem ɗinka za a shimfiɗa su a kan fiksel 64 na allo, alhali ninki huɗu 60 yake buƙata. Ragowar fiksel huɗun nan dole a raba su, don haka a cikin kowane ɗigo 15, goma sha ɗaya za su sami fiksel huɗu-huɗu, huɗu kuma su sami biyar-biyar. A harafi ɗaya mai faɗin ɗigo takwas, layuka biyu ne a ƙalla za su fi sauran kiba, kuma wuraren da kibar take faɗawa suna sauyawa daga harafi zuwa harafi, shi ya sa za ka ga kalmar da ke da harafin a guda biyu amma ba su yi kama da juna ba. Idan rubutun yana motsi, kamar akwatin zance da ke tasowa daga ƙasa, abin ya fi muni, saboda kibar ba ta bin harafin, tana tsaye a kan allo haruffa suna ratsawa ta cikinta, sai ka ga rubutun yana rawa kamar inuwa a kan ruwa.

Maganin shi ne a hana injin amfani da ɓurɓushin, ya tsaya a ninki huɗu, ya bar ragowar wurin baƙi. Tun daga Godot 4.2 akwai saitin da ke yin haka kai tsaye, kuma ga yadda sassan da suka shafe mu suke a cikin `project.godot`:

```
[display]
window/size/viewport_width=320
window/size/viewport_height=180
window/stretch/mode="viewport"
window/stretch/aspect="keep"
window/stretch/scale_mode="integer"

[rendering]
textures/canvas_textures/default_texture_filter=0
```

Layin `viewport` yana sa a zana komai, har da rubutu, a kan ƙaramin allon 320 da 180 tukuna, sannan a ɗauki hoton gaba ɗaya a ninka shi. Wannan ya bambanta da `canvas_items`, wanda yake zana kowane abu kai tsaye a girman allon ƙarshe, inda rubutu zai iya tsayawa a wurin da bai dace da ɗigogin sauran hotuna ba. Layin `integer` shi ne mai yanke ɓurɓushi. Sifilin da ke layin ƙarshe kuma shi ne `Nearest`, wato idan ana neman launin wani fiksel a ɗauki na ɗigon da ya fi kusa kawai, maimakon `Linear` da ke gauraya launukan maƙwabta huɗu, wanda kuma shi ne saitin da sabon aiki yake zuwa da shi. Da wannan, a laftof ɗinka gem zai zauna a 1280 da 720, da baƙin gefe na fiksel 43 a dama da hagu, da 24 a sama da ƙasa. A ganina wannan farashi ne mai araha, kuma mai wasa ba zai ma lura da shi ba bayan minti ɗaya.

Akwai wani tarko a nan da nake so ka sani tun kafin ka faɗa masa. Ninki huɗu yana buƙatar tsawon fiksel 720, kai kuma 768 gare ka, rarar 48 ke nan kawai. Idan ka buɗe tagar ne ta cika fuska amma ba ka shiga cikakken allo ba, sandar Windows ta ƙasa da kan tagar za su cinye fiye da 48 ɗin, tsawon da ya rage ya gaza 720, sai injin ya sauka zuwa ninki uku, wato 960 da 540. Nan take za ka ga gem ɗinka ya tsuke a tsakiya da baƙi jibgi a kewaye, ka ɗauka saitin ne ya lalace. Bai lalace ba, umarnin da ka ba shi yake bi. A irin wannan allo sai a yi wasan a cikakken allo, ko kuma a buɗe taga da girman da aka zaɓa da gangan.

Idan wata rana ka ga baƙin gefen ya yi yawa a wata na'ura har ba za ka iya haƙuri da shi ba, akwai hanyar sulhu da masu kwaikwayon tsoffin na'urori suke amfani da ita, wadda ake gani a jerin saitunansu da sunan `sharp-bilinear`. Da farko ana ninka hoton da cikakkiyar lamba ba tare da gauraya ba, sannan a ja ɗan abin da ya rage da gauraya. A misalinka, ana ninkawa sau huɗu zuwa 1280 da 720, sai a ja shi a hankali zuwa tsawon 768. Gaurayar tana taɓa fiksel ɗaya ne kawai a bakin kowane ɗigo, cikinsa yana nan da launinsa, kuma ido yana ganin ƙafafun harafi da kauri ɗaya. Tana aiki sosai idan ninkin ya kai huɗu ko fiye, amma a ninki ɗaya da rabi ko biyu da rabi ba ta da wurin ɓoye gaurayar, rubutun zai yi laushi ko ta yaya. A Godot sai ka rubuta ɗan `shader` kafin ka same ta, don haka ni dai ba zan ba ka shawarar farawa da ita ba.

Wuri na uku ba a cikin gem ɗinka yake ba, tsakanin taga ne da gilashin allo. Laftof da yawa masu 1920 da 1080 suna zuwa da saitin girman rubutu na Windows a kashi 125 ko 150 cikin ɗari. Manhajar da ba ta sanar da Windows cewa ta san da wannan ba, a kashi 125 za a gaya mata allon 1536 da 864 ne, ta yi zanenta a haka, sannan Windows ya ja hoton da gauraya ya cika 1920 da 1080. Duk ƙoƙarin da ka yi a ciki ya tafi a banza a matakin ƙarshe. A Godot 4 saitin `display/window/dpi/allow_hidpi` shi ke kare ka daga wannan, yana zuwa a kunne, kada ka kashe shi. Haka kuma idan aka haɗa kwamfuta da talabijin, talabijin ɗin na iya ɗan faɗaɗa hoton ya yanke gefuna, wanda shi ma yana rusa ninkin, sai an shiga saitunansa an zaɓi nuna hoto yadda ya zo.

Saura ƙaramin abu ɗaya da kan dawo da matsalar bayan an gyara komai, shi ne ajiye rubutu a tsakiya da lissafin hannu. Idan faɗin wani rubutu ko akwatinsa ya zama 45, ka cire daga 320 ka raba biyu, amsar 137.5 ce, harafin ya sauka a rabin fiksel ke nan, kuma yana iya rasa layi ɗaya ko ya ninka wani. Duk inda kake lissafa matsayin rubutu ko na kyamara, ka wuce da amsar ta `floor()` ko `round()`, kuma kada ka taɓa girmama `Label` ta hanyar `scale` da lamba mai ɓurɓushi.

Yadda za ka tabbatar da gyaran kuwa, kada ka dogara da ido tsirara. Ka ɗauki hoton allo ka ajiye shi a `.png`, ka buɗe shi a manhajar zane, ka zuƙo sosai har ka riƙa ganin fiksel ɗaya-ɗaya, ka nemi harafin H ko E fari a kan baƙi. Idan ka ga launi biyu kacal, kuma kowane ɗigo huɗu ne da huɗu, aiki ya yi. Idan akwai toka-toka siriri a bakin kowane ɗigo, gaurayar ta faru ne a lokacin buɗe allo. Idan tokar kanta ta zama manyan murabba'ai masu kaifin gefe, to tun a zanen harafin ta shiga, ka koma kan lambar girma da `Antialiasing`. Idan babu toka amma kauri ya bambanta, ka ƙidaya: huɗu da biyar na nufin ninkin allo ne, huɗu da takwas a inda ya kamata su zama ɗaya na nufin girman harafin ne. Na taɓa ɓata yamma guda ina neman kuskure a aikin wani ɗalibina saboda hoton da ya turo mini ya yi hazo, ashe aikinsa lafiya lau, manhajar aika saƙon ce ta matse hoton a hanya. Tun daga ranar nake cewa a turo mini shi a matsayin fayil.

Da yake na ga da Hausa ka yi tambayar, ina kyautata zaton wataƙila da Hausa za ka rubuta zancen gem ɗin, don haka ka gwada ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ tun yanzu, har da ƴ idan kana bin rubutun Nijar. Zubin haruffan fiksel da yawa ba su da su, kuma idan Godot bai sami harafi ba yakan aro shi daga haruffan na'urar, sai ka ga ƙ mai santsi ta tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙuwa a gidan biki. Ka kashe `Allow System Fallback` lokacin gwaji domin giɓin ya fito fili. Zana su da kanka ba wuya ba ne, muddin lasisin zubin ya yarda a yi masa ƙari. Ƙugiyar ƙ da ta ɓ suna samun wuri cikin sauƙi, domin sandarsu a hagu take, sai ka lanƙwasa ɗigo biyu na samanta zuwa dama. Ƙaramar ɗ ita ce mai gardama, saboda sandarta tana dab da bakin gida na dama kuma ƙugiyar can take son fita, don haka sai ka matse cikinta da ɗigo ɗaya ka ja harafin hagu, in ba haka ba ƙugiyar za ta shiga layin da aka bari domin tazara ta manne da harafin da ke biye. Bayan ka zana, ka rubuta kafa da ƙafa, da kuma dauri da ɗauri, gefe da gefe a lamba 8, ka ba wani ya karanta daga inda mai wasa zai zauna. Idan ya yi jinkiri kafin ya bambanta su, ƙugiyar tana buƙatar ƙarin ɗigo ɗaya.